Katin Mita da Galan ɗin Fetur: Kasafi Ɗaya Ne

Magidanta da dama kan ware kuɗin katin mita a farkon wata, su bar man janareta ga abin da aljihu ya samu da yamma. A ganina, wannan rabon shi ke ɓoye musu ainihin abin da wuta ke ci. Watan da katin mita ya daɗe bai ƙare ba, sau da yawa shi ne watan da aka fi kashe kuɗi, domin awannin da mita ta huta janareta ne ya ɗauke su.

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin yunit ɗaya zuwa naira 225 ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana. An koka, kuma kukan na da dalili. Sai dai a gwada wannan farashi da na janareta. A ɗauki gidan da ke kunna fankoki biyu, talabijin da ƙwayaye kaɗan, jimillar wat 400, na awa biyar kowane dare. Yunit biyu ke nan, wato naira 450 a wancan farashi. Ƙaramin janareta kuwa yakan sha kimanin rabin lita a awa. Idan aka ƙaddara lita a naira 900, daren zai ci lita biyu da rabi, naira 2,250. Duk daren da aka ɗauke wuta ya ƙara wa gidan naira 1,800, dare goma kuma 18,000, ba a ma sa baƙin mai da ladan mai gyara ba. Rage kaya ba ya rage shan mai daidai gwargwado, don inji na shan rabonsa ko da ƙwai ɗaya aka kunna.

Saboda haka kasafin ya fara da ƙirga awanni, kafin a zo kan naira. Mako biyu ana rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, ana kuma duba ragowar yunit a fuskar mita kowace safiya, ya isa a san yunit nawa gida ke ci da dare nawa ake kwana a kan inji. Daga nan sai a zuba kuɗin biyu a asusu ɗaya: abin da mita ta rage, na fetur ne, ba rara ba ce. Guga da tura ruwa tanki su jira wutar kamfani.

A riƙa duba rasidin kati kuma. Idan yunit ɗin da aka samu ya gaza abin da lissafi ya nuna, wataƙila ana cire tsohon bashi, ko an sauya wa layin unguwar rukuni. Wanda ke biyan farashin rukunin A ba ya samun awa 20, takardar awannin nan ita ce hujjarsa in ya kai ƙorafi ga kamfanin rarraba wuta.