Tsakanin Ɗaya da Yawa

A zaurukan karatu na Birnin Kudu da Gwaram, inda almajiri ke jan baƙi malam yana fassarawa kalma bayan kalma, akwai abin da Larabci ke faɗa wanda kan salwanta a Hausa ba tare da kowa ya lura ba. Hausa ɗaya da yawa ta sani. Larabci kuwa ya keɓe wa biyu siga tata, wadda malaman nahawu ke kira musanna: kitabun littafi ɗaya, kitabani biyu, kutubun uku zuwa sama. Mu “littattafai” muke cewa daga biyu har dubu.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan gardamar 'yan nahawu ce. Ga mamaci ya rasu ba ɗa ba mata, ya bar uwa da uba da 'yan'uwa biyu, da naira 600,000 bayan an biya bashi. Ayar gado ta 11 a Suratun Nisa'i ta mayar da rabon uwa daga sulusi zuwa sudusi idan mamacin yana da 'yan'uwa, kuma kalmar da ta zo jam'i ce, ihwatun, ba musanna ba. Ibn Abbas ya riƙe wannan hujja ya ce sai sun kai uku, don haka a wurinsa uwa ta ɗauki 200,000. Mafi yawan malamai, har da Imamu Malik, sun ce biyu sun isa, sai ta ɗauki 100,000, uba ya tafi da sauran. Wanda fassara kaɗai ya ji ba zai san an taɓa saɓani ba, domin “'yan'uwa” a bakinmu daga biyu take farawa. Ga ta da faɗi kuma, har ɗan baffa tana ɗauka, alhali shi ba ya rage wa uwa ko kwabo. Shi ya sa nake ganin tilas mai fassara ya ƙara magana, ya ce shaƙiƙai ko li'abbai ko li'ummai, biyu ko fiye.

Karyayyen jam'i, wato jam'ut taksiri, bai kamata ya firgita Bahaushe ba, tunda mu ma muna karya kalma daga ciki: birni birane, gulbi gulabe. Tarkon yana wani wuri. Jam'in abin da ba mai hankali ba, Larabci kan ɗauke shi tamkar mace guda, sai ka ji ɗalibi ya ga hiya bayan kutubun ya ce “ita”, alhali “su” ake nufi, ya shiga laluben wata mace da ba ta cikin zancen. Kalma ɗaya kuma kan yi jam'i biyu: baitun ta ba da buyutun, gidaje, da abyatun, baitocin waƙa.

Kakanninmu ma sun yi nasu sulhun da wannan jam'i. Mala'ikatun jam'in malakun ne, amma suka ɗauke shi tilo suka ce mala'ika, sannan suka ƙera masa sabon jam'i, mala'iku.