Ba a gyara maki a shagon kwamfuta

Kai da ka tura wa mai shagon kwamfuta hoton takardar sakamakonka ta WhatsApp, ka ce ya mai da maka D ta koma B, ya ce ba zai yi ba, kada ka ji haushinsa. Ai gata ya yi maka.

Takardar da ake kira transkirif kwafi ce kawai. Ainihin makinka yana cikin takardar amsarka, da takardar makin da malami ya sa wa hannu, da sakamakon da sashe da tsangaya da majalisar jami'a suka amince da shi. Duk ma'aikata ko jami'ar da ta yi shakka, makarantarka za ta tuntuɓa kai tsaye. Ka tuna Salisu Buhari, ɗan Kano da ya sauka daga kujerar Kakakin Majalisar Wakilai a 1999 bayan Jami'ar Toronto ta ce ba ta ba shi digiri ba. Jabu laifi ne a doka, kuma da mai bugawa da mai amfani duk suna ciki.

To idan kuskuren na gaske ne fa? A ce ke ɗaliba ce daga Turawa, kin ci 17 a gwajin aji, kin ci 46 a jarrabawa. Jimla 63, wato B. Amma aka manta da makin gwajin, sai 46 ta fito, wato D. A darasi mai yunit 3, B tana ba da maki 12, D kuwa 6. Raba wannan 6 da aka rasa da yunit 120 na dukan karatunki, za ki samu 0.05. Kaɗan ne a ido, amma shi zai ɗaga CGPA daga 3.46 zuwa 3.51, daga digiri mai daraja 2:2 zuwa 2:1. Haƙƙinki ne, ki bi shi.

Ki fara da malamin da ke kula da ajinku, sannan jami'in jarrabawa na sashe. Ki rubuta wa shugaban sashe takarda da lambar rajistarki, lambar darasin da zangon karatun. Ki haɗa kwafin takardar gwajin da aka duba da shaidar rajistar darasin, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Idan an tabbatar, gyaran zai bi hanyar da sakamakon farko ya bi, sannan a fitar da sabuwar takarda.

Amma a lura: "ina ganin na fi ƙarfin D" ba kuskuren lissafi ba ne. Wannan neman a sake duba amsa ne, galibi ana biyan kuɗi, kuma makin na iya tsayawa yadda yake.

Ku duba sakamakonku da zarar ya fito, kada ku bari sai bayan kammalawa, domin ba a ajiye takardun amsa har abada. Wanda kuma ya ce ku turo kuɗi zai "taɓa" muku maki daga ciki, ku rufe lambarsa.