Baƙin tabon nan ba jifa ba ne, a je a yi gwaji

Hoton ƙafa mai baƙaƙen tabo da kumburi ba baƙon abu ba ne a Fesbuk da TikTok. Kafin ka ƙifta ido an cika ƙasan hoton da fatawa: wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce ya taka sihiri, wani kuma ya ajiye lambar mai maganin daji. Da wuya ka ga wanda ya ce a gwada HIV. Mu kuwa a wannan shafi, shi muke cewa a fara yi.

Akwai sankarar fata da ake kira Kaposi, sunan likitan da ya bayyana ta a Vienna a 1872. Wata ƙwayar cuta ce ke haddasa ta, HHV-8, wadda aka gano a 1994. Mutane da dama a Afirka sun ɗauke ta tun suna yara ta hanyar yawu, kuma har su tsufa ba za ta yi musu komai ba, domin garkuwar jiki ta danne ta. Yawanci sai HIV ta karya garkuwar sannan take samun sarari.

A fatarmu tabon baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu. Yawanci ba zafi, ba ƙaiƙayi, kuma in ka danna shi launin ba ya gushewa. Ya fi son ƙafa, fuska, da cikin baki, a ganɗa ko dasashi. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna masu HIV a Jigawa kusan uku ne cikin dubu, suna cikin mafiya ƙaranci a Najeriya. Alhamdu lillahi. Amma ƙarancin nan yana da nasa tarkon: tunda ba a saba gani ba, babu mai zargi, daga majinyacin har mai kyamis.

A ce matashi ne daga Roni ko Gwiwa, da tabo huɗu a ƙauri, wata uku suna girma. Ya je Babban Asibitin Kazaure, ɗigon jini daga yatsa ya nuna HIV, ƙwayoyin garkuwarsa na CD4 sun yi ƙasa da 200. Ba a yanke hukunci da ido, domin akwai cutar da ke kama da Kaposi wadda maganin ƙwayoyin cuta ke warkarwa. Za a gutsuri ɗan fata a duba, wataƙila a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sai a ɗora shi a kan maganin HIV, galibi TLD, ƙwaya ɗaya kullum, kyauta a asibitin gwamnati.

Maganin ba ya taɓa sankarar kai tsaye. HIV yake dannewa, garkuwa ta farfaɗo, ita kuma ta koma kan HHV-8. Idan tabon kaɗan ne kuma a fata kawai, sau da yawa wannan ya isa: cikin watanni sai su daina girma, su kwanta, su dusashe, ko da shatinsu ya rage. Kafin 1996, lokacin da aka fara haɗa magungunan HIV masu ƙarfi, ganin tabon nan kusan sallama ce.

Inda ake yin asara shi ne watanni ukun farko. Wani, da garkuwa ta fara dawowa, sai tabon ya ƙara kumbura, har sababbi su fito. Nan ’yan uwa za su ce ai ga shi, maganin bature ya tayar da ciwon, a watsar. Kuskure ne babba. A koma wurin likita a ranar, kada a daina sha. Kuma kada a sayi deksametason ko firedinisolon a kyamis don kumburi, irin waɗanda wasu ke sha don ƙiba. Suna ƙara wa Kaposi wuta.

Ba za mu yi muku daɗin baki ba, maganin yana da iyaka. In ƙafa ta kumbura ta yi tauri kamar icce, ko tabon ya cika baki, ko ya shiga huhu da tari da sarƙewar numfashi, har a ɗauka tarin fuka ne, to TLD kaɗai ba zai isa ba. Sai an haɗa da allurar sankara irin su faklitaksel, ita kuwa ba kamar TLD ba ce, tana cin kuɗi, ga zirga-zirga daga Babura ko Kazaure zuwa Kano duk bayan mako uku.

Shi ya sa muke kira ga hukumomin lafiya na Jigawa da su sa duk ma’aikacin da ke ba da maganin HIV ya riƙa cewa majinyaci ya buɗe baki, ya naɗe wando, a duba. Bai fi minti biyu ba. Ku kuma, in an turo muku irin hoton nan, kada ku yaɗa fuskar mutum. Ku bi shi ta bayan fage ku ce ya je a gwada shi.