Tambarin da ke sama ba shi ne zai biya ka ba

Nan da 'yan watanni da yawanmu za mu fara karɓar takardun ɗaukar aiki da na ƙananan kwangiloli. Ra'ayina shi ne, duk takardar da aka miƙo maka, fara karanta ta daga ƙasa, inda aka sa hannu. Tambarin da ke sama talla ne. Sunan da ke kusa da sa hannun shi ne wanda za ka iya binsa bashi.

Ɗauki Dangote, tunda babu wanda bai san sunan ba. A baki muna cewa "kamfanin Dangote" kamar abu guda ne. A wurin doka kuwa akwai Dangote Cement Plc mai siminti, akwai Dangote Sugar Refinery Plc mai sukari, akwai NASCON Allied Industries Plc mai gishiri, wanda ko sunan Dangote babu a cikin sunansa, sannan ga uwar kamfanin, Dangote Industries Limited. Kowannensu yana da rajistarsa, da asusunsa na banki, da basussukansa. Haka abin yake da lemon Coca-Cola da muke sha a kantin makaranta: mai zuba shi a kwalba a ƙasar nan shi ne Nigerian Bottling Company. Babu wata rufa-rufa a wannan tsari. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗauki duk kamfanin da aka yi wa rajista a matsayin mutum mai zaman kansa, dabam da masu shi. Tushen wannan ƙa'ida shi ne shari'ar Salomon da aka yanke a Ingila a 1896, wadda 'yan sashen akanta sun sha haddarta.

To, ina abin yake shafar mu? A ce ka buɗe ɗan shagon buga riguna, wani babban rukunin kamfanoni ya ba ka aikin riguna 400, kowace a kan naira 3,500. Kuɗinka naira 1,400,000 ke nan. Takardar odar tana ɗauke da tambarin rukunin, amma a ƙasa an rubuta sunan wani ƙaramin reshe mai kula da tallace-tallace. Ka kai kaya, wata uku shiru. Ka je hedikwata, a ce maka ba su da wata yarjejeniya da kai, kuma a doka gaskiyarsu. Idan reshen nan ba shi da ko sisi a asusunsa, dukiyar uwar kamfanin ba ta zama taka ba don kawai tambarinsu ɗaya. Idan kuma ka fusata ka kai ƙarar sunan rukunin kawai, lauyansu zai ce wannan suna ba shi da rajista, ba mutum ba ne a idon doka, kotu kuma tana iya korar ƙarar tun ba a shiga zancen riguna ba.

Wani zai ce ai kotu takan yaye wannan labulen ta kama masu kamfani. E, takan yi, musamman idan an tabbatar da zamba. Amma wannan doguwar shari'a ce, kuma mai bin miliyan ɗaya da 'yan kai ba shi da kuɗin lauyan da zai kai shi ƙarshenta.

Binciken da zai raba ka da wannan wahala bai kai minti goma ba. Nemi cikakken sunan da ke ƙarewa da Limited ko Plc, tare da lambar rajista mai farawa da RC. Shiga shafin bincike na hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ka rubuta sunan, ka ga ko lambar ta dace da shi. Idan lambar da BN ta fara, to sunan kasuwanci ne kawai, mai shi ne da kansa ke ɗauke da bashin, don haka sunansa ya fito a takardar. Sannan ka tabbata suna ɗaya ne a kan oda, da takardar shaidar karɓar kaya, da takardar neman biyan da za ka rubuta. Idan reshen bai kwanta maka ba, roƙi uwar kamfanin ta tsaya masa a rubuce, ko ka nemi rabin kuɗinka kafin ka sayi yadi.

Masu neman aiki ma su lura. Kana iya zama a banki, sanye da rigar bankin, alhali wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya sa hannu a takardarka. Albashinka, da fanshonka, da wa'adin sallamarka duk a wuyan wannan kamfanin suke. Ban ce ka ƙi aikin ba, wallahi aiki ya yi wuya. Amma tambayi jami'in da ya miƙo maka takardar, "Ranka ya daɗe, wane kamfani ne zai riƙa biyana?" kuma ka duba ko amsarsa ta yi daidai da sunan da ke ƙasa.