Darasin Kasuwanci: Yadda ake roƙon banki ya sake tsarin biyan bashi

Duk wanda ke shirin WAEC ko NECO ya san wasiƙar aiki: adireshi biyu, kwanan wata, kanu, sannan sa hannu. Yau za mu fito da ita daga ɗakin jarrabawa mu kai ta inda ake ci ko a faɗi da kuɗi na gaske. Da yawanku ku ne masu riƙe biro a gida, kuma ranar da bashin banki ya matsa wa baba ko yaya, ku za a kira a ce ku rubuta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Jihar Kebbi. A nan aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na bai wa manoman shinkafa rance a watan Nuwamba na 2015, kuma ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa, ta bar mutane da bashi ba amfanin gona. A shekarar ta 2020, saboda annobar korona, Babban Bankin ya ba bankuna damar sake wa masu bashi tsarin biya. Sake tsari ba yafiya ba ne. Bashin yana nan, abin da ake canzawa shi ne nawa za a riƙa biya da kuma yaushe.

Mu ƙaddara wani mai injin casar shinkafa a Kalgo. Misali ne na koyarwa, alkaluman ma haka. Ya karɓi rancen naira 1,200,000 a watan Janairu daga wani banki a Birnin Kebbi ya sayi sabon inji, bisa sharaɗin zai riƙa biyan naira 125,000 duk wata har wata goma sha biyu. Ya biya daga Fabrairu zuwa Yuni ba fashi, wato sau biyar. Saura bakwai, naira 875,000 ke nan. To ga damina ta kankama. Shinkafar rani ta ƙare a hannun mutane, ta damina kuwa tana gona, sai wajen ƙarshen Oktoba za ta fara shigowa. Injin da ke kwana yana aiki a Mayu yanzu sai ya wuni bai casa buhu ashirin ba.

Kafin ya rubuta kalma ɗaya, sai ya yi lissafin shige da ficen kuɗi. Wannan lissafi ya bambanta da lissafin riba. Tambaya ɗaya yake amsawa: a wannan wata, nawa ya shigo hannu, nawa ya fita, nawa ya rage? Mu ɗauki Satumba, watan da ya fi tsanani. Daga kuɗin casa da sayar da dusa yana sa ran naira 330,000. Abin da zai fita kuwa: man dizal 150,000, albashin yara biyu 50,000, haya da ƙananan gyare-gyare 20,000, cefanen gida 60,000. Jimla 280,000. Abin da ya rage naira 50,000 ne, alhali banki na jiran 125,000.

Ku lura da cefanen gida. Mutane da yawa sukan cire shi don lissafin ya yi kyau, amma jami'in banki ya san mai inji yana da iyali, kuma daga injin suke ci. Idan bai ga wannan layi ba, zai fara shakkar sauran. Haka kuma idan wata mai sayar da shinkafa ta casa buhu talatin ta ce sai ta sayar za ta biya, ba a rubuta kuɗinta a watan da aka yi aikin. Sai watan da ta kawo. Bashin da kake bin wani ba ya sayen dizal.

Da ya yi wa kowane wata irin wannan lissafi, ga abin da ke ragewa a hannunsa kafin biyan banki:

Yuli 90,000
Agusta 60,000
Satumba 50,000
Oktoba 110,000
Nuwamba 220,000
Disamba 260,000
Janairu 220,000
Fabrairu 210,000

A nan hujjarsa take, don haka mu tsaya mu duba da kyau. Daga Yuli zuwa Oktoba banki na neman naira 500,000, shi kuwa 310,000 zai samu. Giɓin 190,000 ne. Amma ku tara daga Yuli har Janairu, lokacin da ya kamata bashin ya ƙare: naira 1,010,000, ta haura 875,000 da ake binsa. Ashe sana'ar ba ta mutu ba. Matsalar ita ce an tsara masa biya iri ɗaya kowane wata, shinkafa kuwa ba ta san haka ba, da kakarta take tafiya. Irin wannan mutum banki ke son ji daga gare shi. Da a ce ko a Disamba abin da ke rage masa bai kai 125,000 ba, ƙarin lokaci ba zai cece shi ba, sai dai ya ƙara masa nauyi, kuma maganar da ta dace a lokacin ita ce sayar da wata kadara a rage bashin.

Daga ina ya samo alkaluman watannin da ba su zo ba? Daga littafin ciniki na bara. Ya duba buhu nawa ya casa a kowane wata, ya lissafa da farashin casa da na dizal na yau. Wanda ba ya rubuta cinikinsa, ko wanda kuɗinsa ba sa bi ta asusu, a nan yake shan wahala, domin jami'in zai ɗauko takardar bayanin asusu ya gwada da abin da aka rubuta masa. Idan wasiƙa ta ce Disambar bara an samu 780,000, asusu kuma ya nuna 200,000 kawai suka shiga, dole a kawo bayani da rasit, in ba haka ba maganar ta ƙare.

Sai roƙon kansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta "a taimaka a sassauta mini" a tsaya nan. Jami'in da ya karɓi wasiƙar ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, zai kai ta gaba ne, kuma yana buƙatar adadi da kwanan wata da zai kare. Da Turanci aka saba miƙa wa banki irin wannan wasiƙa, amma ga gangar jikinta da Hausa, bayan adireshi, kwanan wata da lambar rancen:

"Ranka ya daɗe,

Roƙon sake tsarin biyan rance

Na karɓi rancen naira 1,200,000 a watan Janairu, kuma na biya kashi biyar na naira 125,000 a kan lokaci. Saura naira 875,000.

Aikin casar shinkafa a Kalgo yana raguwa daga Yuli zuwa Oktoba, kafin girbin damina. Lissafin da na haɗo da wannan wasiƙa ya nuna cewa a waɗannan watanni huɗu abin da zai rage mini naira 310,000 ne, alhali ana bukatar 500,000. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa abin da ke ragewa bai gaza 210,000 a wata ba.

Ina roƙon a ba ni damar biyan naira 40,000 duk wata daga Yuli zuwa Oktoba, sannan naira 190,000 duk wata daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wannan zai ƙara wa wa'adin wata ɗaya. Injin da na ba da jingina yana nan lafiya, ana iya zuwa a duba shi, kuma wanda ya tsaya mini ya san da wannan roƙo.

Na haɗo lissafin shige da ficen kuɗi na wata takwas, bayanin asusuna na wata goma sha biyu, da kwafin littafin ciniki. Ina neman amsa a rubuce kafin ranar biyan kashin Yuli."

Me ya sa 40,000, ba 60,000 ba? Saboda da mafi munin wata ake auna alkawari. A Satumba 50,000 kawai ke ragewa, kuma wanda ya karya sabon alkawari ya fi wanda ya karya na farko shiga uku, domin ba kasafai ake sake saurarensa ba. Banki zai iya tambaya: a Yuli da Oktoba ai kana da rara, me ya sa ba za ka ƙara ba? Rarar watannin huɗu ta kai 150,000. Amsarsa ita ce da ita zai yi wa inji babban gyara ya sayi dizal kafin kaka, don idan inji ya tsaya a Nuwamba, duk tsarin ya rushe. Amsa ce mai ƙarfi, kuma gara ya tafi da ita a shirye.

Sassaucin ba kyauta ba ne. Ku tara sabon tsarin: 160,000 da 760,000 sun ba da 920,000, wato ƙarin 45,000 a kan 875,000. Ya sa wannan ƙari ne da gangan, don kuɗin ruwa na ci gaba da hawa kan abin da aka jinkirta. Banki zai yi nasa lissafin, wataƙila ya ɗora kuɗin sake tsari, shi ya sa ba a sa hannu sai an ga jimlar ƙarshe a rubuce. A bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, lamarin ya bambanta: idan cinikin murabaha ne, an yanke farashi tun farko, kuma ba a ƙara riba saboda an ƙara lokaci.

Ba kowa ne zai nemi irin wannan tsari ba. Mai ajiye albasa a Gwandu yakan saya da araha lokacin girbin rani, ya adana ta watanni yana jiran ta yi tsada. A tsakanin nan kusan ba abin da ke shigo masa, don haka jinkirin biyan uwar kuɗi zai nema har lokacin sayarwa. Kuma dole lissafinsa ya cire buhunan da za su ruɓe ko su rage nauyi a rumbu, don duk wanda ya san albasa ya san buhu ɗari ba sa fitowa ɗari.

Lokacin kai wasiƙar yana da nauyi kamar abin da ke cikinta. Mai injinmu ya rubuta a farkon Yuli, bai riga ya yi fashi ko sau ɗaya ba. A ƙa'idar Babban Banki, rancen da ya wuce kwana 90 ba a biya ba yana shiga sahun bashin da ya lalace, kuma sunan mai shi yana zuwa ga hukumomin da ke ajiye tarihin masu bashi, inda sauran bankuna ke dubawa. Tun daga watan Agusta na 2020 ma akwai tsarin da ya ba banki damar cirar kuɗinsa daga asusun da mai bashi ke da shi a wasu bankuna ta hanyar lambar BVN, in ya sa hannu kan yardar haka lokacin karɓar rancen. Don haka a kai wasiƙar kwafi biyu, a sa a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a dawo da ita gida. Kuma kafin amsa ta fito, tsohon tsari ne ke aiki, duk abin da ya samu a ci gaba da zubawa.

Aikin wannan mako: a ce dizal ya ƙara tsada, kuɗin da ke fita ya ƙaru da naira 20,000 a kowane wata. Ku sake lissafin watannin takwas, ku gano waɗanne watanni ne sabon tsarin zai gaza, sannan ku gyara sakin layi na uku na wasiƙar da adadin da mai injin zai iya cikawa.