Fasaha A Yau: Takardar Girgije Ko Ta Gyaran Kwamfuta?

A makon nan mun sami wasiƙa daga wani saurayi mazaunin Fadan Kagoma, cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna. Ya ce ya gama difloma, iyayensa sun sayar da cittar da suka noma sun ba shi kuɗin jarrabawa guda, amma abokansa sun raba masa hankali: waɗansu sun ce ya nemi takardar shaidar aikin girgije, waɗansu kuwa sun ce ya nemi ta gyara da kula da kwamfuta. Ya tambaye mu wacce zai fara da ita.

To, ƙanena, tun da kuɗin gumin iyaye ne, ba za mu yi maka kwana-kwana ba. Shawararmu ita ce ka fara da aikin kula da kwamfuta, girgije ya biyo baya. Ga dalili.

Da farko dai, abin da ake kira girgije shi ne hayar manyan kwamfutocin wani kamfani ta hanyar intanet, watau maimakon ma'aikata ta sayi nata injin ta ajiye a ofis, sai ta biya gwargwadon abin da ta yi amfani da shi. Takardar farko da kamfanin Amazon ke bayarwa a wannan fanni sunanta AWS Certified Cloud Practitioner. Jarrabawa guda ce, tambayoyi 65 cikin minti 90, kuɗinta dala 100. Dukkan tambayoyin na zaɓen amsa ne. Za a tambaye ka sunayen hidimomin kamfanin, da yadda ake lissafin kuɗin haya, da tsaron da ke wuyan kamfani da wanda ke wuyan mai haya. Ba a sa ka gina kome da hannunka. Saboda haka ne har ma'aikatan talla da na kuɗi ke yin ta, domin su fahimci abin da injiniyoyi ke faɗi. Takwararta ta kamfanin Microsoft, watau AZ-900, ita ma kusan haka take.

Ɗayar kuwa, CompTIA A+, jarrabawa biyu ce, kuma sai an ci duka biyun ake ba da takarda. Sabon zubinta ya fito a shekarar 2025. Ta farko tana kan kayan cikin kwamfuta, da na'urar buga takardu, da haɗa kwamfutoci ta waya, har da ɗan bayanin girgije. Ta biyu tana kan manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da tsaro, da ladabin hulɗa da mai kawo ƙorafi. A cikin tambayoyinta akwai waɗanda ake kwaikwayo matsala a kan allo a ce ka warware. Kowace guda ta haura dala 250 a farashin Amurka, ke nan biyun sun ninka kuɗin ta Amazon har sau biyar.

Mai karatu zai ce, ai ga mai araha nan. Amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: wa zai ɗauke ka aiki, kuma me zai sa ka yi ranar farko? A dubi Kafanchan da kewayenta. Akwai Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, akwai asibitoci, da bankuna, da makarantun sakandare, da shagunan buga takardu. Bugu da ƙari, tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, ga shi kuwa kowace cibiyar jarrabawa tana ɗauke da kwamfutoci masu ɗimbin yawa da aka haɗa da waya. Dukkan waɗannan wurare suna bukatar wanda zai tashi idan inji ya ƙi tashi. Masu ɗaukar ma'aikatan girgije kuwa galibi manyan kamfanoni ne na Legas da Abuja, su ma takarda ta mataki na gaba suke nema, tare da aikin da mutum ya taɓa yi.

Alal misali, a ce kana aiki a wata cibiyar jarrabawa, saura minti ashirin a fara, sai kwamfutoci goma sha biyu da ke layi guda suka kasa samun uwar kwamfuta mai rarraba tambayoyi. Mai horon gyara zai je kan guda daga ciki ya rubuta:

```
ipconfig
```

Idan ya ga lambar adireshin ta fara da `169.254`, nan take ya san kwamfutar ta nemi a ba ta adireshi ba ta sami amsa ba, shi ya sa ta ƙaga wa kanta. Tun da layi guda ne ya lalace, sauran ɗakin kuwa lafiya lau, laifin ba na uwar ba ne. Sai ya nufi akwatin da wayoyin layin suka haɗu a cikinsa, ya duba ko fitilunsa na ci. Sau da yawa wuta ce ta yanke masa, ko wayar da ta haɗa shi da uwar ta saki. In ya gyara, sai ya rubuta `ipconfig /renew`, kana ya gwada da `ping` ya ga ko uwar ta amsa. Wannan duk yana cikin manhajar karatun A+, amma takardar girgije ta farko ba ta gwada shi. Kuma wanda ya gane adireshi da haɗin waya a nan, shi zai gane su ranar da ya shiga girgije, domin kwamfutar haya ma da adireshi take aiki.

Sai dai kada ka yi gaggawar biyan kuɗin. Kowace daga takardun nan biyu, ta A+ da ta Amazon, shekara uku take yi kafin a nemi a sabunta ta, wanda kuma ya faɗi jarrabawa sai ya sake biya. Jerin abubuwan da ake tambaya kyauta ne a shafin CompTIA. Ka sauko da shi, ka roƙi wani mai gyaran kwamfuta a Kafanchan ya karɓe ka almajiri na wata shida, kana karanta babi kana taɓa abin da hannu. Idan kuɗinka na jarrabawa guda ne, ka yi ta farkon, ka tara na ta biyu daga ladan aikinka.

Akwai wanda shawararmu ba ta shafa ba. Wanda ya riga ya shekara yana gyara, ko ya karanta ilimin kwamfuta ya san haɗin waya, ya wuce kai tsaye zuwa girgije, da niyyar ɗorawa da takardar mataki na biyu, kada ya tsaya a ta farko.

Abu na ƙarshe, ana iya rubuta waɗannan jarrabawa daga gida, mai sa ido yana kallonka ta kyamara. Amma idan intanet ya yanke ko wuta ta ɗauke a tsakiya, jarrabawar na iya rushewa. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka gwada layinka tun da wuri, in ka ga yana rawa, gara ka biya kuɗin mota zuwa cibiyar da aka amince da ita a babban birni.

Allah ya ba da sa'a, ya sa wa kuɗin cittar albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.