Kafin ka sayi turare, san dangin da hancinka ke so

Da zarar Sallah ko haɗa lefe ya gabato, masu turare a kasuwannin Wurno, Rabah da Goronyo sai ciniki ya buɗe. Sai dai yawancin masu saye murfin kwalba suke shinshinawa su biya, bayan kwana biyu su ce an sayar musu da jabu. Sau da yawa turaren lafiyarsa ƙalau, dangin da aka zaɓa ne bai dace da mai shi ba.

Masana sun kasa ƙamshi dangi-dangi, huɗu daga ciki sun fi shahara. Akwai na furanni, kamar wardi da yasmin. Akwai na lemo, mai sanyi da wartsake jiki. Akwai na itace, irin sandal da udu da saiwar jema. Sai na Gabas, mai nauyi da zaƙi, inda ambar da kirfa da kanumfari suke, galibi haɗe da almiski.

Gane naka daga gida ake farawa. Wanda ƙamshin furen lalle ke burge shi, ya nemi na furanni. Mai jin daɗin ɓare lemo, ya nemi na lemo. Mai son ruwan randa da aka jefa wa jema, ko hayaƙin turaren wuta na sandal, na itace ne nasa. Wadda ba ta rabuwa da humra kuwa ta fi kusa da na Gabas.

Daga nan sai gwaji, kuma a fata. A ce kana shakka tsakanin na lemo da na udu. Ɗiga ɗaya a wuyan hannun dama, ɗaya a hagu, ka bar shagon. Ƙamshin da ka ji a minti 15 na farko sama-sama ne, shi ke fara tashi. Bayan awa ɗaya ainihin turaren zai bayyana, abin da ya rage bayan awa huɗu kuma shi za ka yini da shi. Kada ka gwada fiye da uku a zama ɗaya, domin hanci na gajiya.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, na lemo kan gudu cikin awa ɗaya ko biyu. Halinsa ne haka, ko da na asali ne. Udu da ambar kuwa zafi na ƙara musu ƙarfi, har su iya sa wa na kusa da kai a sahun Juma'a ciwon kai. Sun fi dacewa da dare ko lokacin hunturu.

Shawararmu ga masu saye ita ce su ɗauki ƙaramar kwalba, su gwada ta kwana uku kafin su sayi babba. Masu sayarwa kuma su riƙa barin mutum ya ɗiga ya tafi ya dawo. Wanda ya dace da danginsa a wurinka, zai sake zuwa.